Madogara Talatin, Shida na Farfesa

Da wasiƙar editan ta tsaya a layi na biyu, da Dakta Eliya Matewere ya yanka kaza. Layin farko ya ce masu tantancewa sun gamsu da gyaran da aka yi wa maƙalar. Na biyu ya ce mujallar a shirye take ta karɓa. Na uku ne ya zuba wa miyar ƙasa: dokar mujallar madogara talatin ce, su kuwa arba'in da shida suka jera a manazarta. A rage, a dawo da ita kafin Juma'a ta ƙare. In ta wuce Juma'a, za a ɗauke ta a matsayin sabuwar maƙala, ta koma bayan layi, a sake nemo masu tantancewa.

Komawa bayan layi watanni ne. Kwamitin ƙarin girma na jami'ar kuwa ƙarshen wata yake rufe karɓar takardu, kuma maƙala ɗaya tak ta rage wa Matewere ya cika sharaɗin zama babban lakcara. Ya daɗe a matakin da yake har wasu daga cikin ɗaliban da ya koya wa riƙe madubin duba ƙwayoyin cuta sun tarar da shi, sun gaishe shi da ladabi, sun wuce.

Wasiƙar ta yi kwanaki a akwatinsa. Ya yi da ita abin da mu malaman jami'a muka ƙware a kai: ya karanta, ya ce abin ba wuya, ya tafi makin jarrabawa. Sai da safiyar Juma'ar ta waye sannan ya rungumi kwamfutarsa ya gangara ofishin Dakta Esinati Chikafa.

Esinati ce mai lissafin binciken, kuma sunanta ne na biyu a maƙalar. Ajinsu ɗaya tun shekarar farko a jami'a, saboda haka babu wani abin kunyarsa da ba ta riƙe da kwanan watansa. Ya same ta tana tsoma mandasi, wani irin fanke, a shayi, taga a buɗe, dutsen Zomba ya yafa gajimare har kafaɗa.

"Achimwene," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Haka take kiransa, wai yayanta, duk lokacin da take shirin cin mutuncinsa. "An zo fafe gora ranar tafiya?"

"Goma sha shida kawai za mu cire."

"Kawai. To zauna. Kuma ka sani, da hannu za mu yi. Tun ranar da Farfesa Likongwe ya buɗe takardar nan a tsohuwar kwamfutarsa, manhajar manazarta ta daina gane lambobin. Duk sun zama rubutu zalla. Ka cire na bakwai, sai na bi na takwas har na ƙarshe ina sauya su ɗaya bayan ɗaya."

Mujallar da lamba take aiki: madogarar da aka fara ambata ita ce ta ɗaya, haka har ƙarshe, kowace lamba cikin baka a wutsiyar jimla. Shi ya sa suka yanke cewa ba za a taɓa lamba ko ɗaya ba sai an gama yanka. Esinati ta buga manazartar a takarda, ta ɗauko jan biro.

Maganar maƙalar ba ta da tsawo. Shekara da shekaru ana raba wa 'yan makaranta maganin tsargiya a ƙauyukan bakin tafkin Chilwa, yara su warke, kafin shekara ta zagayo fitsarin jini ya dawo. Su Matewere sun ce dalili shi ne masunta: manya ne, ba sa zuwa makaranta, ba a ba su magani, kullum suna cikin ruwa suna mayar wa tafkin da ƙwan cutar. Duk madogarar da ke riƙe da wannan magana, ginshiƙi ce. Sauran kuwa, kamar yadda Esinati ta faɗa, 'yan rakiyar amarya ne.

Bakwai na farko sun fita ba gardama. Jimlar da ta ce tsargiya na damun miliyoyin mutane a Afirka tana ɗauke da madogara uku, kamar akwai wanda zai musa. Suka bar ɗaya, mafi sabunta. Hanyar tace fitsari an jingina ta da takarda biyu masu faɗin abu ɗaya. Suka bar ta asalin. Akwai wata da Matewere ya kasa tuna dalilin shigarta, suka nemi lambarta a cikin rubutun daga sama har ƙasa, ba su same ta ba. Jimlarta ta mutu tun gyaran farko, ita ta zauna a manazarta tana cin abincin makoki.

"Talatin da tara," in ji Esinati.

Daga nan Matewere ya fito da dabarar da ya kwana da ita. A sashen tattaunawa akwai jimlar da duk maƙalar ke tsaye a kanta, wadda ta ce a garuruwan bakin ruwa cutar kan dawo da sauri bayan magani. Bincike shida ne a bayanta. Shi kuwa ya samo wata maƙalar bita, irin wadda ke tattara binciken mutane da yawa wuri ɗaya, sabuwa fil, a babbar mujalla. A cire shida, a sa ɗaya.

"Talatin da huɗu," ya ce, ya jingina da kujera kamar wanda ya gama gini.

"Ka karanta ta?"

"Na karanta taƙaitawar."

"Ban tambaye ka ko kun gaisa ba. Ka karanta ta?"

Ta jawo kwamfutar gabanta. Ya zauna yana kallon shayinta yana hucewa. Ta wuce gabatarwa, ta tsaya a inda marubutan suka faɗi irin binciken da suka ɗauka da wanda suka bari, ta sa farce a ƙasan wani layi, ta juyo masa da allon.

Tsargiyar hanji. Duk binciken da bitar ta tattara na tsargiyar hanji ne. Tasu kuwa ta mafitsara ce: wata tsutsa daban, wani dodon koɗi daban, har yadda ake gwajin daban. Taƙaitawar ba ta fayyace ba, kalmar tsargiya kawai take ta maimaitawa.

Matewere ya hango Mai Tantancewa na Biyu, wanda bai taɓa gani ba amma ya daɗe da yi masa fuska a zuci, siriri mai tabarau, yana buɗe bitar nan yana murmushi. In ma ta tsallake edita, ta fito a buga, to ta zauna ke nan har abada da sunansa a sama: mutumin da ya yi shekara ashirin yana tace fitsari bai san hanji da mafitsara ba.

"Da ka kira shaida a shari'ar akuya, ya zo yana ba da labarin tunkiya," in ji Esinati. Ta soke bitar. Suka koma kan shidan, suka buɗe kowace. Biyu daga ciki ƙananan bincike ne, ƙauye ɗai-ɗai. Ɗaya ba ta bi yaran ba bayan magani, sau ɗaya ta auna su. Ɗaya ta tsufa, kuma wata daga cikin sauran ta maimaita aikinta da yara masu yawa. Suka bar biyu, masu bin yara har shekara, duka kan tsargiyar mafitsara. Esinati ta sa shi ya rage wa jimlar baki: maimakon "an sha nunawa a faɗin nahiyar," ta koma "an nuna a garuruwan bakin tafki." Shaida biyu ba sa ɗaukar kayan nahiya.

"Talatin da biyar."

Dukansu sun san inda jan biron ya ƙi zuwa tun safe. A sakin layi na biyu na gabatarwa akwai wata jimla marar laifi, mai cewa tsargiya tsohuwar matsala ce a kudancin Malawi. A wutsiyarta, lamba uku zuwa takwas. Shida. Duka na Farfesa Likongwe.

Farfesa Likongwe shi ne suna na ƙarshe a maƙalar, shi ya duba digirin Matewere na uku, shi ya samo kuɗin mota da man da aka yi ta zirga-zirgar tafki da su. Shi ne kuma shugaban sashe, wanda takardar neman ƙarin girma ba ta isa kwamiti sai da ra'ayinsa a rubuce a kanta. Da hannunsa ya zuba shidan nan, a ranar da ya kashe manhajar.

"Akwai nawa guda biyu," in ji Matewere da sauri. "A cire ɗaya."

Ɗaya ta hanyar zaɓen ƙauyuka ce, ba ta ciruwa. Ɗayar kuwa 'yar maƙalar da ya fitar ce daga kundin digirinsa, wadda tun da ta fito mutum biyu suka taɓa ambatarta a duniya, kuma duka biyun shi ne. Wannan ce za ta zama ta uku. Ya karɓi biron ya soke ta da kansa, a hankali.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Esinati. "Ta rayu ba ta cuci kowa ba. Talatin da huɗu. Saura huɗu, achimwene, kuma kaf takardar nan babu sauran kitse sai wuri ɗaya."

"Mu sake dubawa."

Suka sake dubawa. Ya ɗora yatsa a kan kowace lamba ya karanta jimlar ba ita, ya ji ko za ta tsaya. Ƙa'idar rabon magani: dole. Hanyar lissafin da Esinati ta bi: ta ce in ya taɓa ta, ta taɓa shi. Ƙidayar masuntan tafkin: dole. Da ya zo kan shidan, ya rufe guda biyar, jimlar ko gezau. Ɗaya ce kawai ta ƙi rufuwa, domin ta sake fitowa a sashen hanyar bincike: binciken da Farfesa ya yi a waɗannan ƙauyukan dai tun kafin a fara rabon magani. Da shi suke gwada yau da jiya.

"Cire huɗu, mu aika," in ji Esinati. "Ba zai lura ba sai ta fito."

"Akwai akwatin da zan danna cewa duk marubuta sun gani sun amince."

"Kowa na dannawa."

"Kowa ba shi da takarda a teburin Farfesa."

Ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba. "To tashi. Sakatariya ta ce yau bai shigo ba. Gobe ake bikin buɗe dutsen kabarin yayansa a ƙauye, can bayan Phalombe, da ya ci abincin rana zai kama hanya. Ka san can ko saƙon waya sai an hau tudu."

Gidan Farfesa yana can sama, inda titi ke fara hawan dutse. Matewere ya hau acaɓa, abin da ya rantse ya daina saboda gwiwarsa, takardu a cikin riga don yayyafi. Duk hanya yana shirya magana. Kafin su kai ƙofa ya shirya ta iri uku, kowace ta fi 'yar'uwarta tsoro.

Ya tarar da a-kori-kura a tsakar gida ana lodi: buhunan garin masara, akwatunan lemo, kabeji, da wani bunsuru da aka ɗaure wanda shi kaɗai ya fahimci inda tafiyar za ta ƙare. Farfesa na zaune a baranda, hannun riga a naɗe, gabansa nsima, tuwon masararsu, da ƙananan kifin Chilwa da ganyen kabewa.

Matewere ya rusuna, ya miƙa hannun dama, na hagu na tallafe da shi. "Bambo, mun same ku lafiya?" Bambo shi ne baba a harshensu.

"Eliya. Wanke hannu."

"Na ƙoshi, Bambo."

"Ban tambaye ka ba."

Ya wanke hannu. Ba a kawo wa babba magana yana tsakar cin abinci, ba a kuma ƙin abincinsa, don haka Matewere ya zauna yana mulmula loma yana jin direba na ɗaure igiya ta ƙarshe. Aka tambayi matarsa. Aka tambayi yara, kowanne da sunansa. Aka yi maganar tsadar siminti da rashin kirkin mai sassaƙa dutsen, wanda ya rubuta shekarar haihuwar mamacin ba daidai ba har sau biyu. Sai da Farfesa ya ɗauraye hannu ya goge sannan ya ce, "Me ya hawo da kai dutse a cikin ruwa?"

Matewere ya shimfiɗa takardun. Ya yi bayanin talatin, ya nuna abin da aka soke, ya tabbatar Farfesa ya ga jan layin da ke kan tasa maƙalar. Ya ce saura huɗu. Bai ce daga ina ba.

Farfesa ya sa tabarau ya bi jerin da yatsa. Yatsan ya wuce uku zuwa takwas kamar mota ta wuce shingen da ba 'yan sanda. Ya gangara can ƙasa ya tsaya.

"Ga su nan. Sakin layin Mwakyusa. Shi da 'yan amshinsa biyu, uku ke nan. Cire shi gaba ɗaya. Na huɗu, ka cire wannan ta lissafin, ba mai karanta ta. Shi ke nan. Gaishe da Esinati."

Mwakyusa wani mai bincike ne a Tanzaniya, wanda ya taɓa tashi a wani taro ya gyara wa Farfesa alƙaluma a gaban jama'a. An yi shekaru, gashin kowa ya yi fari, Farfesa bai manta ba. Binciken Mwakyusa ya nuna akasin nasu: a ƙauyukan da ya bi, maganin 'yan makaranta kaɗai ya isa ya rage cutar. Sakin layin da Farfesa ke nufi shi ne inda suka fuskanci wannan, suka nuna cewa mutanen Mwakyusa manoma ne, manyansu ba sa wuni a ruwa, nasu kuwa masunta ne.

Abin kunya ne a faɗa, amma Matewere ya ji daɗin shawarar. Ta sauka masa a ƙirji kamar ruwan sanyi. Uku da ɗaya huɗu. Farfesa ya ba da umarni, shi yaro ne, ya bi. Edita wataƙila ƙirga lambobi kawai zai yi. Har ya fara tattara takardun.

Sai idonsa ya faɗa kan jimlar farko ta sakin layin, wadda shi ya rubuta ta, ya sake rubutawa ya fi sau goma. A duk maƙalar nan, nan ne kaɗai wurin da ya ji ya yi tunani da kansa. In an cire shi, maganar masunta ta zama zato: duk wanda ya san aikin Mwakyusa, kuma duk mai karanta wannan mujalla ya sani, zai ce to ga inda aka yi ba manya kuma ya yi aiki, me za ku ce? Su kuwa sun yi shiru sun wuce.

"Bambo," ya ce. "Wannan ba zai ciru ba."

Farfesa ya dube shi ta saman tabarau.

"Mai Tantancewa na Biyu ne ya nemi mu amsa Mwakyusa. A wasiƙar da muka mayar, mun rubuta cewa mun ƙara sakin layi, mun faɗi shafi. Ku ma kun sa hannu. In edita ya ga babu shi, zai mayar wa mutumin, mun koma watanni." Wannan ita ce hujjar matsoraci, kuma gaskiya ce, yana iya tsayawa a nan. Bai san abin da ya tura shi ba. "Ko da ma ba wanda ya nema, Bambo. In mun ɓoye shi, shi ya ci. A nan ne kaɗai muka kayar da shi."

"To daga ina kake son cire huɗun?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matewere ya ɗora yatsa a kan uku zuwa takwas.

Bunsurun ya yi kuka. Daga cikin gida matar Farfesa ta leƙo ta ce rana na yi, hanyar Phalombe ba ta son yamma. Farfesa bai juya ba.

"Shekara talatin ina shiga ruwan nan," ya ce a hankali. "Tun kana sa gajeren wando. Sau biyu ina kamuwa da cutar da kake rubutu a kanta. Yau kai ne za ka zo gidana, ka ci tuwona, ka ce aikina ne kitsen da za a yanke."

"Ba haka nake nufi ba, Bambo."

"Akwai hanya mai sauƙi. Cire sunana daga maƙalar, sai ka yanka yadda kake so."

Sauya marubuta a wannan mataki ba danna maɓalli ba ne: sai an rubuta wa edita dalili, kowa ya sa hannu, edita ya yi tambayoyi. Juma'a ta tafi ke nan. Kuma Farfesa ya san haka sarai. Sannan ga takardar da ke jiran ra'ayinsa a tebur. Gaba kura, baya sayaki, shi kuma a tsakiya da ƙamshin kifi a hannu.

"Ba zan cire sunanku ba," ya ce. "Ku ba ni izini in karanta muku jimla ɗaya."

Farfesa ya turo masa takardar.

Matewere ya karanta: "Tsargiya tsohuwar matsala ce a kudancin Malawi, uku zuwa takwas." Ya ɗago. "Mai sayar da kifi a kasuwa ya san wannan, Bambo. Ba wanda zai ga lambobin nan ya je ya buɗe ko ɗaya. An tara ayyukanku shida a baka ɗaya kamar fasinjojin ƙaramar bas, ba a ganin fuskar kowa. Amma mai lamba biyar ɗin nan, binciken da kuka yi kafin a fara rabon magani, ba don ita ba ba mu da maƙala. Kuma mun bar ta a cikin cunkoso."

Ya juya bayan takardar, ya rubuta, ya miƙa. Jimla ce ta buɗe sashen tattaunawa: cewa Likongwe ya auna yaran waɗannan ƙauyuka kafin zuwan magani, kuma abin da aka samu yanzu, bayan shekaru ana rabo, bai yi nisa da abin da ya samu ba. Suna a cikin jimla, ba lamba a wutsiya ba.

"Ba daɗin baki ba ne," in ji shi. "Nan ya kamata ta zauna tun farko. Ita ce hujjarmu mafi ƙarfi. Tsoron taɓa gabatarwarku ne ya hana ni matsar da ita."

Farfesa ya karanta. Ya sake karantawa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Fuska ce da ta yi shekaru tana zama a kwamitoci. Direba ya tayar da mota, ya bar ta tana ɗumi.

"Biyu za su rage," in ji Farfesa.

"Biyu, Bambo."

"Ta biyun ni zan zaɓa."

Ya karɓi biron. Matewere ya ɗauka zai bar wadda ta fito a babbar mujallar Turai, wadda ke rataye cikin gilashi a ofishinsa. Ita ya fara sokewa. Ya soke ta huɗu, ya soke ta bakwai, ya daɗe a kan ta takwas kamar yana ƙoƙarin tuna ta, ya soke. Wadda ya bari 'yar gajeriyar takarda ce kan dodon koɗin da ke cikin fadamun shinkafa na bakin tafki, a wata mujallar gida da ta daɗe da mutuwa.

"Ita ce ta farko da na taɓa bugawa," ya ce, ba Matewere yake kallo ba. "Yayan nan nawa shi ya tuƙa ni a kekensa muka tsinto su." Ya ajiye biron. "Amma ba ta cewa tsargiya tsohuwar matsala ce. Dodon koɗi take magana. Kada ka bar ta a wannan jimlar, ka kai ta inda kuka bayyana wurin bincike. In za ka yi rashin kunya, yi ta daidai."

Ya miƙe, ya saki hannun rigarsa. Matewere ya miƙe shi ma.

"In aika, Bambo?"

"Aika." Ya taka zuwa mota, ya buɗe ƙofa, ya tsaya. "Takardarka tana teburina. Zan duba ta in na dawo."

Yadda ya faɗe ta, ba a iya sanin alkawari ne ko gargaɗi. Matewere ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga hannu har motar ta fita, bunsurun na kallonsa daga baya kamar abokin ƙaddara.

Esinati ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta dubi jan layi huɗun, ta gane hannun, ta ce, "Da kansa? Me ka ba shi ya sha?" Sannan ta ja kujera.

Sauran aikin na jaki ne. Tun da dodon koɗi ya koma hanyar bincike, lambobi sun sake layi. Ta rubuta tsohuwar lamba da sabuwa gefe da gefe, ta fara sauyawa daga sama. Da ta gama, ya riƙe manazarta, ita tana karanta jimla da lambarta, shi yana faɗin sunan marubuci da abin da takardar ta ƙunsa, don kada a wayi gari an jingina wa Mwakyusa hanyar tace fitsari. Wuta ta ɗauke a tsakiya, injin sashen ya yi tari ya kama. Sun kai ta talatin, Matewere ya kai hannu zai rufe.

"Tsaya. Jadawali."

A ƙasan jadawali na biyu, cikin ƙananan haruffa, wata lamba na zaune abinta: arba'in da ɗaya. A maƙala mai madogara talatin. Numfashinsa ya tsaya. In wadda suka soke ce, sai an dawo da ita, sai kuma an nemo wata a yanka, ga Farfesa ya yi nisa a hanyar Phalombe. Esinati ta bi takardarta da yatsa har ƙasa.

"Ƙidayar masunta ce. Tana nan. Ashirin da shida ta zama." Ta gyara. "Ka iya numfashi."

Ya rubuta wa edita layi uku: an rage zuwa talatin, an matsar da madogara biyu, an sassauta jimla ɗaya, ba a taɓa sakamako ba. Ya zo kan akwatin amincewar marubuta, ya danna shi da zuciya ɗaya. Rana ba ta faɗi ba tukuna.

Wasiƙar karɓa ta iso cikin mako mai zuwa, ya kai ta da kansa aka haɗa da takardarsa. Abin da Farfesa ya rubuta a kai ba a nuna wa mai nema, kuma Farfesa bai sake tayar da maganar ba. A baranda in sun haɗu sai ya ce "Dakta Matewere," cikakke, shi da bai taɓa kiransa da komai ba sai Eliya. Matewere ya yi makonni yana auna wannan, abinci ba ya masa daɗi.

Sunansa ya fito a jerin waɗanda aka ƙara wa girma, na biyun ƙarshe. Washegari ya tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofar ofishinsa. Sabuwar maƙalar Farfesa ce, shi kaɗai ya rubuta, da 'yar takarda a maƙale: mujallar arba'in take karɓa, a duba masa kafin Litinin. Matewere ya juya zuwa manazarta. Saba'in da uku. Ya fara ƙirga masu sunan Likongwe, da ya kai goma sha ɗaya ya daina, ya ɗauki ambulan ɗin ya gangara ofishin Esinati.